Tudu da Kwari: Yadda 'Yan Kasuwa Ke Gane Inda Farashi Ya Dosa

Ranar 14 ga Afrilun 2021, farashin Bitcoin ya taɓa kusan dala 64,800, adadin da bai taɓa kaiwa ba tun da aka ƙirƙiro shi. A ranar ce kamfanin hada-hadar kirifto na Coinbase ya fara sayar da hannun jarinsa a kasuwar Nasdaq ta Amurka, murna ta cika ko'ina, masu hasashe na cewa dala dubu ɗari ta kusa. Mako biyar bayan haka, ranar 19 ga Mayu, farashin ya rikito har wajen dala 30,000. Wanda ya saya a ƙololuwa ya wayi gari fiye da rabin kuɗinsa ya narke.

Da yawa sun ɗora laifin a kan labarai: Elon Musk ya ce kamfanin Tesla ya daina karɓar Bitcoin, hukumomin China kuma sun sake ɗaure fuska. Duk an yi haka. Amma tun kafin waɗannan labarai su fito, a makon ƙarshe na Afrilu, jadawalin farashin kansa ya riga ya nuna cewa tafiyar ta sauya. Masu karanta jadawali suna kiran abin da suka gani karyewar tsarin kasuwa. Fahimtarsa ba ta buƙatar lissafi mai zurfi. Tana buƙatar mutum ya san abu biyu kawai, tudu da kwari, sannan ya iya kwatanta na yau da na jiya.

Farashi ba ya tafiya a miƙe

Duk wanda ya taɓa buɗe jadawalin farashi a waya ya san ba a ganin layi miƙaƙƙe. Farashi ya hau, ya ɗan ja da baya, ya sake hawa. Wurin da hawa ya tsaya aka juyo ƙasa shi ne tudu. Wurin da sauka ta tsaya aka juyo sama shi ne kwari. Jerin waɗannan tuddai da kwaruruka, ɗaya bayan ɗaya, shi ake nufi da tsarin kasuwa.

Idan kasuwa na hawa, abu biyu ne ke faruwa tare. Kowane sabon tudu yana ɗara wanda ya gabace shi tsawo, kowane sabon kwari kuma ba ya kai na baya zurfi. A kan allo, 'yan kasuwa suna rubuta HH a kan tudun da ya ɗara na baya, su rubuta HL a ƙarƙashin kwarin da ya tsaya sama da na baya. Idan kasuwa na sauka, al'amarin ya juye: tudu ya gaza kai na baya, a rubuta masa LH, kwari ya zarce na baya zurfi, a rubuta masa LL. Idan kuwa tuddan sun tsaya kusan wuri ɗaya, kwarurukan ma haka, to kasuwa ba ta hawa ba ta sauka, kai-kawo kawai take yi tsakanin iyaka biyu.

Wannan tunani ya girmi kirifto da fiye da shekara ɗari. Charles Dow, ɗaya daga cikin waɗanda suka kafa jaridar Wall Street Journal a 1889, ya yi ta rubutu a kansa dangane da hannayen jarin Amurka kafin rasuwarsa a 1902. Bayansa William Hamilton da Robert Rhea suka tattara ra'ayoyin suka tsara su. Shi ya sa hanyar ba ta keɓanta da Bitcoin ba. Ana amfani da ita a kasuwar canjin kuɗi, da zinare, da ɗanyen mai, da hannayen jari, duk inda ake da farashin da ke motsi kuma ake ajiye tarihinsa.

Dalilin da ya sa kwari ya fi tudu muhimmanci

Idon sabon shiga tudu yake bi, domin shi ne ke shiga kanun labarai. Gwanaye kuwa kwari suke tsarewa. Dalilin yana cikin abin da kwari ke nunawa game da masu saye.

Duk lokacin da farashi ya hau sosai, wasu daga cikin waɗanda suka saya da arha sukan sayar su kwashe riba, sai farashin ya sauko. Tambayar ita ce, a ina saukar za ta tsaya? Idan ta tsaya sama da inda ta tsaya a baya, ma'anarsa masu saye ba su yarda su jira arha irin ta da ba. Sun shigo da wuri, sun biya da tsada, saboda tsoron kada kaya ya wuce su. Muddin haka na maimaituwa, ƙarfi yana hannun masu saye. Ranar da farashi ya iso inda suka tare shi a baya amma ba a sami mai tarewa ba, ya wuce ƙasa, to wani abu ya canza a ma'aunin ƙarfin ɓangarorin biyu. Kamar mai hawa matakalar bene ne: tsayawa ya huta ba komai ba ne, amma idan aka ga ƙafarsa ta koma ƙasa da matakin da ya baro, ba hawa yake yi ba kuma.

Watanni huɗun farko na 2021

A tsakiyar Disambar 2020 Bitcoin ya haye dala 20,000, tudun da ya gagare shi tun ƙarshen 2017. Daga nan aka shiga hawan da ya zama abin koyarwa, domin tsarinsa a fili yake a jadawalin kwana-kwana.

Ranar 8 ga Janairun 2021 farashi ya kai kusan dala 42,000, sannan ya sauko wajen 29,000 kafin watan ya ƙare. Faɗuwar kusan kashi 30 cikin ɗari ce, ta tsorata mutane da yawa, amma ba ta karya komai ba, domin kwarin ya tsaya can sama da inda farashi yake a tsakiyar Disamba. A Fabrairu, bayan Tesla ya bayyana cewa ya sayi Bitcoin na dala biliyan ɗaya da rabi, farashi ya wuce tudun Janairu ya kai kusan 58,000. Ya sake saukowa, ya tsaya wajen 43,000 a ƙarshen watan. A lura da wannan: sabon kwarin ya tsaya daidai saman tsohon tudun Janairu. Wurin da a da masu sayarwa suka tare hanya, yanzu masu saye ne suka tsaya a kai.

A Maris aka sake yi. Tudu ya kai kusan 61,800, kwari ya tsaya wajen 50,500 ranar 25 ga watan. Sai tudun Afrilu na 64,800.

Idan aka jera su, tuddai huɗu ne kowanne ya ɗara na baya, kwaruruka uku ne kowanne ya tsaya sama da na baya. Ta fuskar ƙa'ida, kasuwa na hawa. Sai dai mai kula zai ga wani abu. Daga tudun farko zuwa na biyu an ƙara kusan dala 16,000. Daga na biyu zuwa na uku ba a kai 4,000 ba. Daga na uku zuwa na huɗu, kusan 3,000 kacal. Hawan bai tsaya ba, amma numfashinsa ya fara gajarta. Wannan ba karyewa ba ce tukuna, alama ce dai ta cewa a buɗe ido a tsare kwarin ƙarshe, wato na 25 ga Maris. Muddin farashi na sama da shi, tsarin na nan da ransa.

Makon da tsari ya karye

Kafin a shiga wannan mako, sai an san yadda ake zana farashi. Yawancin jadawalai suna amfani da abin da ake kira kyandir. Kowane kyandir ɗaya yana wakiltar wani tsawon lokaci, awa ɗaya ko kwana ɗaya ko mako. Jikinsa mai kauri yana nuna inda farashi ya buɗe da inda ya rufe. Siririn layin da ke leƙowa sama da ƙasa, wato lagwani, yana nuna iyakar inda farashi ya taɓa kafin ya dawo. Kasuwar kirifto ba ta rufewa dare da rana, saboda haka yawancin dandamali suna rufe kyandir ɗin kwana da ƙarfe 12 na dare agogon GMT, wato ƙarfe ɗaya na dare a Najeriya da Nijar.

Ranar 18 ga Afrilu, kwana huɗu bayan ƙololuwa, farashi ya yi wata mummunar faɗuwa cikin 'yan mintoci, amma bai rufe ƙasa da kwarin Maris ba. Ranar 23 ga watan ya nutsa har ƙasa da dala 48,000, ya keta kwarin sarai. Wanda ke kallo da rana zai ce shi ke nan. Amma kafin kyandir ɗin ya rufe, farashi ya farfaɗo ya koma wajen 51,000. Lagwani ne ya keta, jiki bai keta ba. Washegari ya rufe wajen 50,000, a bakin layin. Ranar 25 ga Afrilu ya rufe wajen 49,000, ƙasa da kwarin Maris ba tare da gardama ba.

A karon farko tun da aka fara wannan hawa, babban kwari ya zarce na baya zurfi. Wannan ita ce karyewar tsari.

Akwai ɗan bambancin suna da ke rikita masu koyo. A kan allo za a ga BOS, za a kuma ga CHoCH. Wasu malamai suna rubuta BOS a kan kowace irin karyewa. Wasu kuma sun keɓe BOS ga karyewar da ke bin hanyar da kasuwa ke tafiya, misali lokacin da farashi ya haye tudun Janairu a Fabrairu, suna kiran karyewar farko da ta saɓa wa hanyar CHoCH, kamar ta 25 ga Afrilu. Ko wanne suna aka zaɓa, tambayar ɗaya ce: wane wuri aka keta, kuma ta wace fuska? Keta tudu a kasuwa mai hawa tabbaci ne cewa tafiya na ci gaba. Keta kwari a kasuwa mai hawa gargaɗi ne.

Abin da ya biyo baya

A nan ne darasin ya fi ɗaci. Washegarin karyewar, farashi ya yi tsalle ya koma wajen dala 54,000. Cikin mako biyu ya kai kusan 59,500. Mutumin da ya sayar a 49,000 saboda ya ga tsari ya karye yana zaune yana kallon abin da ya saki ya ƙara kashi 20 cikin ɗari. A idon abokansa, ya yi gaggawa.

Amma mai bin tsari ba yawan hawan yake dubawa ba, inda hawan zai tsaya yake jira ya gani. Domin kasuwa ta dawo da martabarta, dole farashi ya haye 64,800. Bai haye ba. Ya tsaya a 59,500 wajen 10 ga Mayu, ya juyo. Yanzu an sami abu biyu a jere, kwarin da ya zarce na baya, da tudun da ya gaza kai na baya. Ma'anar kasuwa mai sauka ke nan cikakkiya. Sanarwar Musk ta fito ranar 12 ga Mayu, farashi ya keta kwarin Afrilu cikin 'yan kwanaki, ranar 19 ga watan kuma aka gan shi a 30,000.

A yi lissafin ribar wannan hanya da asararta. Wanda ya jira karyewa kafin ya fita bai sayar a ƙololuwa ba, ya bar kusan kashi ɗaya cikin huɗu na darajar kayansa a hanya, daga 64,800 zuwa 49,000. Wannan shi ne kuɗin da ake biya kafin a sami tabbaci, kuma ba yadda za a kauce masa, domin ba a sanin tudu na ƙarshe ne sai bayan an wuce shi. Abin da ya tsira da shi kuwa shi ne ƙarin faɗuwar kusan kashi 40 cikin ɗari, daga 49,000 zuwa 30,000.

Inda ake yin tuntuɓe

Kuskure na farko shi ne ɗaukar kowane ɗan lanƙwasa a matsayin kwari. Tsakanin 25 ga Maris da 14 ga Afrilu akwai ƙananan sauka da dama, ciki har da wadda ta tsaya wajen 55,500 a makon farko na Afrilu. Wanda ya ɗauke ta a matsayin layinsa ya sami gargaɗi da wuri, amma wanda ya saba bin irin waɗannan ƙananan kwaruruka da tuni an fitar da shi daga kasuwa sau da dama tun Janairu, alhali hawan na ci gaba. Babu hukumar da ta yanke wane kwari ne na gaskiya. Ƙa'idar da mutane da yawa ke bi ita ce a ɗauki mafi zurfin wurin da farashi ya sauka tsakanin manyan tuddai biyu. Wasu kuma suna bin ma'aunin Bill Williams: kyandir ba ya zama kwari sai an sami biyu a hagunsa da biyu a damansa da ba su kai shi zurfi ba. Ko wace ƙa'ida mutum ya ɗauka, abin da ke da muhimmanci shi ne ya tsayar da ita kafin ya sa kuɗi. Wanda ya bari sai farashi ya fara cinsa sannan ya zaɓi kwari, zai zaɓi wanda ya yi daidai da son zuciyarsa.

Na biyu shi ne yarda da lagwani. Kowa na ganin kwari ɗaya a jadawali, saboda haka dubban mutane suna ajiye umarnin sayarwa na tsayar da asara a ƙasansa kaɗan. Ga kuma masu ciniki da kuɗin aro, waɗanda dandamali ke rufe musu ciniki da ƙarfi idan farashi ya kai wani wuri. Da zarar an taɓa wannan yanki, umarnin sayarwa sai su zubo lokaci ɗaya, farashi ya nutsa, manyan masu saye su kwashe da arha, ya dawo sama. Misali mai kyau ya faru ranar 22 ga Yunin 2021. Farashi ya faɗi ƙasa da dala 30,000 da kowa ke tsarewa, ya taɓa wajen 29,000, amma ya rufe ranar sama da 32,000. Wanda ya sayar a tsakiyar firgicin ya sayar a kusan mafi arhar farashin da aka gani a duk wannan faɗuwa. Jiran kyandir ya rufe ba ya kawar da wannan haɗari gaba ɗaya, amma yana rage shi.

Na uku shi ne neman tsari inda babu. Daga ƙarshen Mayu zuwa ƙarshen Yulin wannan shekara, Bitcoin kai-kawo ya yi ta yi tsakanin wajen 29,000 da 41,000. A cikin irin wannan fili, ƙananan tuddai da kwaruruka suna karyewa ta ko'ina ba tare da sun kai ko'ina ba. Mai bin kowace karyewa zai saya a sama ya sayar a ƙasa, kuɗin dandamali kuma na cinsa a kowane zagaye. Alamar gane wannan yanayi mai sauƙi ce: idan karyewa ta sama da ta ƙasa suna bin juna ba tare da farashi ya yi nisa ba, to iyakokin biyu na waje kaɗai ke da magana.

Jadawali ɗaya, labari biyu

Akwai kuma batun tsawon lokaci, wanda shi ne ya fi raba kan masu sharhi. Jadawalin minti goma sha biyar na iya nuna tsari ya karye sau biyu ko uku a yini, alhali a jadawalin kwana ba abin da ya motsa. Mutum biyu za su yi ta musu, ɗaya na cewa kasuwa na sauka, ɗaya na cewa tana hawa, kuma kowannensu na da gaskiya, domin ba allo ɗaya suke kallo ba.

Shekarar 2021 ta nuna haka ƙarara. A jadawalin kwana, tsari ya karye a Afrilu, sauka ta tabbata a Mayu. Amma wanda ya ja baya ya kalli shekarar gaba ɗaya zai ga faɗuwar Yuni da Yuli ta tsaya ne kusan daidai kwarin Janairu, wajen 29,000. A ƙarshen Yuli da farkon Agusta farashi ya haye saman filin da ya daɗe a ciki, tsari ya sake karyewa, wannan karon ta sama. Ranar 10 ga Nuwamba ya kai kusan dala 69,000, ya ɗara tudun Afrilu. Karyewar Afrilu ta faɗi gaskiya game da wata uku da suka biyo ta, amma ba ta ce komai game da Nuwamba ba. Wanda ya ɗauke ta a matsayin hukuncin ƙarshe ya rasa hawa na biyu.

Haka nan, bayan Nuwamba tsarin ya sake juyawa, kuma wannan karon saukar ta yi tsawo. Farashi ya faɗi wajen 33,000 a Janairun 2022, ya farfaɗo zuwa 48,000 a ƙarshen Maris amma bai kusanci tsohon tudu ba, sannan ya keta layin 29,000 da ya tsaya shekara guda da rabi. A Nuwamban 2022, lokacin rushewar dandamalin FTX, ya kai wajen 15,500. A duk tsawon wannan shekara babu babban tudu ko ɗaya da ya ɗara wanda ya gabace shi, duk da cewa an yi ta shelar cewa an kai ƙarshen faɗuwa.

Abin da tsari ke bai wa ɗan kasuwa, ke nan, ba sanin gaibu ba ne. Yana gaya masa halin da ake ciki yanzu, yana kuma nuna masa takamaiman farashin da idan aka keta shi, tunaninsa ya tashi daga aiki. Wannan na biyun shi ne mafi amfani, domin da shi ake auna yawan kuɗin da za a shiga da su. Wanda ya saya a 58,000 a farkon Afrilu, kwarinsa kuma na 50,500, ya san tun ranar cewa tsakaninsa da layin fita akwai kusan kashi 13 cikin ɗari. Idan abin da zai iya jurewa ya rasa bai wuce naira 13,000 ba, to bai kamata ya shiga da fiye da naira 100,000 ba. Idan kuma da kuɗin aro ninki goma ya shiga, dandamali zai rufe masa ciniki tun kafin farashi ya isa kwarin.

Mai karatu da ke son gwada idonsa ba ya buƙatar ko kwabo. Ya buɗe TradingView, ya rubuta BTCUSD, ya zaɓi 1D, ya koma Janairun 2021, ya rufe gefen dama na allon da takarda. Sai ya riƙa buɗe kwanakin kaɗan-kaɗan, yana sa alamar tudu da kwari, yana rubuta a littafi farashin da zai sa ya ce tsari ya karye kafin ya ga abin da ya biyo baya. Idan ya gama, ya maimaita a kan zinare ko wani kuɗin daban, ya ƙirga sau nawa karyewa ta kai shi ga gaskiya da sau nawa ta yaudare shi. Ya san wannan adadi da kansa kafin ya sa kuɗin da ya sha wahalar nema.